Nawa za ka yi min maƙala ɗaya? Yadda marubuci zai yi lissafi kafin ya buɗe baki

Tambayar da ta fi rikita mai rubutun haya ita ce wadda kwastoma yake jefowa a WhatsApp tun kafin a gama gaisawa, wato "nawa kake yin maƙala ɗaya?" Mafi yawanmu a nan muke faɗuwa, don ba lissafi muke yi ba, zuciya ce take lalube. Sai ka tuna abin da wani abokinka ya ce yana karɓa, ka rage kaɗan don kar aikin ya kuɓuce, ka faɗa, mutumin ya ce ya yi ba tare da ko tayi ba, kai kuma ka hau murna. Sai ranar da ka miƙa aikin, ka duba kwanakin da ya ci maka da datar da ya sha, sannan jikinka ya yi sanyi.

Abin da nake son mu warware shi ne yadda za ka san abin da maƙala ɗaya mai kyau take ci maka, na lokaci da na aljihu, don wannan adadin shi ne uwar kuɗinka. Duk abin da ka karɓa ƙasa da shi, kai ne ka biya kwastoma don ka yi masa aiki, ko da kuwa ka ga alat ya shigo ka ji daɗi.

Mu fara da farashin kalma, tunda shi ya fi yawo. Za ka ji an ce naira 10 duk kalma, ko 15, sai ka ninka da kalma 1,200 ka ga 12,000 ko 18,000. Lissafin yana da sauƙi shi ya sa kowa yake sonsa, amma yana auna abin da ya fito a takarda ne kawai, bai san wahalar da aka sha kafin ya fito ba. Tela ba ya yanka kuɗin babbar riga da yawan yadin da ta ci, aikin da ke wuyanta yake dubawa, don riga biyu za su iya cin yadi ɗaya amma ɗaya ta ci kwana biyu ɗaya ta ci sati uku. Maƙala ma haka take. Kalma 1,200 a kan ladubban karɓar baƙi, wadda za ka rubuta daga abin da ka tashi ka gani a gidanku, ba ɗaya take da kalma 1,200 a kan batirin sola ba, inda lamba ɗaya idan ta karkace wani zai je ya kashe dubban ɗaruruwa a kan abin da ba zai riƙe masa firji zuwa asuba ba.

To lissafin gaskiya hawa biyu ne. Na farko ka san nawa awarka ɗaya take, na biyu ka san awa nawa maƙalar za ta ci. Lambobin da zan yi amfani da su misali ne kawai don mu ga yadda abin yake tafiya, kai sai ka cire nawa ka zuba naka.

A ce marubuci ne a Kano, rubutun nan shi ne sana'arsa, ba shi da wani albashi a gefe. Abin da gidansa yake buƙata a wata, cefane da rabon kuɗin haya da kuɗin makarantar yara da ɗan abin da ba a rasa ba na biki da suna, a ce 250,000. Wannan ba riba ba ce, abin da zai sa ya wayi gari ya iya zama ya yi aikin ne. Sai kuma abin da sana'ar kanta take ci, wanda shi ne mutane suka fi mantawa don ba a rana ɗaya yake fita ba, yana zurarewa ne kaɗan-kaɗan. Data a ce 20,000. Wuta, ko kuɗin mita ne ko man janareta ko kai kwamfuta wajen masu caji, a ce 25,000. Katin kira da ƙananan gyare-gyare irin caja ta ƙone ko madannai sun daina aiki, 5,000. Sai ita kwamfutar kanta, kuma a nan nake so ka tsaya ka lura, don da yawa suna cewa ai na riga na saya, ba ta cin komai. Tana ci. Idan ka saye ta 360,000 kuma kana sa ran za ta yi maka shekara uku, wata 36 ke nan, to duk wata 10,000 take narkewa, kuma idan ba ka cire wannan daga kuɗin kwastoma kana ajiyewa ba, ranar da ta mutu bashi za ka ci ko ka koma rubutu da waya. Idan ka haɗa waɗannan huɗun, 60,000 ne.

Yanzu muna da 310,000. Ka ɗora wajen 30,000 a kai na ranar da ba a fata, don mai aikin kansa ba shi da hutun rashin lafiya, idan zazzaɓi ya kwantar da kai sati ɗaya babu wanda zai biya ka satin, haka watan da aiki ya yi ƙasa. Jimla 340,000. Wannan shi ne abin da dole rubutu ya kawo a wata.

Sai awoyi, kuma nan ne kuskure mafi girma yake. Mutum zai ce ina aiki kwana 22 a wata, awa 6 kullum, awa 132 ke nan, sai ya raba kuɗin da 132. Amma tsakani da Allah, awa 132 ɗin nan duka rubutun kwastoma kake yi? Ina lokacin da ka ɓata kana neman aikin, kana tura samfurin rubutunka ga mutanen da ba za su amsa ba, kana bayani ga wanda a ƙarshe zai ce zai neme ka, kana bin wanda ya karɓi aiki tun wancan watan bai turo kuɗi ba, kana jiran netwok ya dawo? Duk wannan aiki ne, amma babu wanda za ka rubuta wa takardar biya a kansa. Dole awoyin da ake biya su ɗauki nauyin waɗanda ba a biya. A misalinmu mu ce wajen kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a haka, sai ya rage awa 85. Ka raba 340,000 da 85, zai ba ka 4,000. Awar wannan marubucin ke nan.

Da ya raba da 132, da wajen 2,600 zai samu, ya riƙa yanka farashi a kai, yana aiki ba dare ba rana amma wata ya ƙare da giɓi bai san ta inda kuɗin suka bi ba. Kuma wanda yake da albashi yana yin rubutun da daddare, shi ma kar ya ce tunda ba da shi yake ci ba ko nawa aka ba shi riba ce. Barcinsa yake sayarwa, sannan farashin da ya karya shi sauran marubuta za su tarar a kasuwa.

Mu zo kan maƙalar kanta. A ce wani mai sayar da kayan sola ne ya ce yana son rubutu na kalma 1,200 da Hausa, wanda zai bayyana wa magidanci bambancin batirin tubula da na litiyam da yadda zai zaɓi wanda ya dace da gidansa. Aiki ne mai kyau, kuma irinsa ne yake yaudarar mutum ya ga kamar zama ɗaya ne.

Kafin ka rubuta ko harafi, akwai magana da mai aikin. Wa yake so ya karanta, mai shago ko mai gida? Kayan da yake sayarwa kawai za a ambata ko har na wasu? Yana son a saka farashi? Wannan da kai-komon saƙonni rabin awa ne, kuma rabin awar da ta fi kowace amfani, don idan ka tsallake ta za ka biya ta ninki uku a wajen gyara.

Sai bincike, wanda na ba shi awa biyu, kuma ban cika ba. Ga dalili. Batirin tubula da aka rubuta 12V 200Ah a jikinsa, idan ka ninka lambobin biyu za ka samu wat 2,400 na awa ɗaya. Marubucin da yake sauri zai rubuta haka ya wuce, ya ce wa mai karatu batirin zai riƙe kayan wat 300 na awa takwas. Amma irin wannan batirin ba a son a riƙa zuƙe shi fiye da rabi idan ana so ya yi ƙarko, ke nan abin da za ka mora wajen 1,200 ne, awa huɗu ba takwas ba, kuma ita inbata ma tana cin nata a hanya. Na litiyam kuwa ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da an cuce shi ba, shi ya sa duk da ya fi tsada a ranar saye, lissafin yakan juya idan aka duba shekaru. Wannan bayanin a cikin maƙalar bai fi kalma 80 ba, a farashin naira 10 kuɗinsa 800 ke nan, amma kafin ka fahimce shi har ka yarda ka sa hannunka a kai sai ka karanta takardun bayanin batura biyu ko uku ka gwada su da juna. Kuma shi ne zuciyar maƙalar gaba ɗaya, shi ne abin da mai shagon yake biya ko bai sani ba.

Bayan karatu akwai abin da takarda ba za ta gaya maka ba, sai mai haɗa sola wanda yake shiga gidajen mutane. Shi ne zai ce maka yawancin tubula da yake gani sun mutu da wuri rashin zuba ruwan batir ne, ko an ajiye su a ɗakin da zafi ya yi yawa, ko an haɗa sabo da tsoho. Hirar minti 45 ce, amma ka sake sauraron abin da ka naɗa ka tsamo abin da za ka yi amfani da shi, wani minti 45 ɗin ne. Awa ɗaya da rabi. Zuwa shagonsa da dawowa a Keke Napep da ɗan katin da za ka saka masa na godiya, a ce 3,000, wannan kuɗi ne da ya fita saboda wannan maƙalar kaɗai, don haka a kanta za a ɗora shi kai tsaye, ba ya cikin 60,000 ɗin can na wata.

Tsara yadda maganar za ta bi, me zai zo farko me zai biyo baya, rabin awa. Rubutun kansa awa biyu. Ka lura da wannan sosai, abin da kwastoma yake ɗauka shi ne aikin gaba ɗaya, awa biyu ne kacal. Sai tacewa, awa ɗaya, inda za ka koma kan kowace lamba ka sake lissafa ta, ka karanta da ƙarfi ka ji inda harshe yake tuntuɓe, ka tabbatar ƙ da ɗ da ɓ suna inda ya kamata. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin nauyi a nan, don kusan duk bayanan fasaha da Turanci zai same su, sai ya fahimta sannan ya nemi yadda zai faɗa wa magidanci ya gane ba tare da ya cika masa kunne da baƙin kalmomi ba. Kanun maƙala da zaɓen hotuna da rubuta bayanin ƙasansu, rabin awa. Na ƙarshe shi ne gyaran da mai aiki zai dawo da shi, don zai dawo da shi, ka ware masa awa ɗaya tun yanzu.

Idan ka tara, awa 9 ne. Ka ninka da 4,000, 36,000. Ka ɗora 3,000 na zirga-zirga, 39,000. A taƙaice abin da muka yi shi ne:

```
(awa × kuɗin awa) + kuɗin da ya fita = uwar kuɗi
(9 × 4,000) + 3,000 = 39,000
```

Yanzu mu koma kan wancan tayin na naira 10 duk kalma mu ga me yake nufi a zahiri. An ba ka 12,000, ka cire 3,000 da ka kashe, saura 9,000, ka yi awa 9, ke nan 1,000 kake sayar da awarka. A awa 85 irin wannan maƙalar guda 9 za ka iya yi a wata idan aiki bai yanke ba, 81,000 ke nan, ka cire 60,000 na data da wuta da kwamfuta, abin da za ka kai gida 21,000 ne. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne. Wato mutum ya yi karatu, ya iya bincike, ya iya rubutu, ya cika wata yana aiki, bai samu kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai, don na san yawancin masu karɓar irin wannan farashin ba rashin iyawa ba ne, ba su taɓa zama sun yi lissafin ba ne kawai. Kuma abin da yake biyo baya sananne ne, tunda awa 9 ba ta biya, sai mutum ya fara yin maƙalar a awa uku, ya yar da hira, ya yar da tacewa, ya kwafo daga nan da can, rubutun ya lalace, kwastoma ya ce dama marubutan nan ba su iya komai ba, ya ƙara rage kuɗi.

Awoyin da na lissafa ɗin nan kar ka ɗauke su a matsayin naka. Naka sai ka auna. Hanya mafi sauƙi, a maƙaloli uku ko huɗu masu zuwa ka kunna agogon wayarka duk lokacin da ka zauna aikin, ka kashe idan ka tashi, ka rubuta a littafi wane mataki ne da minti nawa ya ci, har da saƙonnin da ka amsa kana kwance. Abin da yawanci yake fitowa shi ne bincike da gyara sun fi abin da mutum yake zato nesa ba kusa ba, rubutun kansa kuma bai kai ba. Idan fannin sabo ne a wajenka, ka ƙara kwata a kan abin da ka ƙiyasta, don zuciya kullum tana hango ranar da komai ya tafi daidai ne, ba ta hango ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar sakin layi.

Wani abu kuma, 39,000 ɗin nan ba shi ne farashin da za ka faɗa ba, shi ne inda idan aka sauka ƙasa da shi za ka ce albarka. Mutanenmu ba sa saye sai sun taya, don haka idan ka buɗe baki da 39,000 za a ƙare a 30,000. Ka faɗi 48,000 ko 50,000, a yi ciniki, idan an daidaita a 45,000 to 6,000 ɗin da ke sama ita ce ribarka ta gaskiya, da ita za ka sayi littafi ko ka ƙara ilimi ko ka canza kujerar da take karya maka baya. Kuma ka faɗi kuɗin maƙala ne dunƙule, kar ka ce masa awata 4,000 ce. Dalili biyu ne. Na ɗaya zai fara gardamar me ya sa za ta ci awa 9, alhali ɗan ƙaninsa yana rubuta shafi uku a awa ɗaya. Na biyu, idan ka ƙware a fannin sola har maƙalar ta koma cin awa 6, biyan awa zai sa kuɗinka ya ragu daidai lokacin da aikinka ya fi kyau. Lissafin awa naka ne na cikin gida.

Idan ta Fiverr aikin ya zo, wato shafin intanet ɗin nan da yake haɗa masu aikin haya da kwastomomi, akwai wani rami da yake cin mutane. Suna cire kashi 20 cikin ɗari na abin da kwastoma ya biya. Sai mutum ya ce to bari in ƙara kashi 20 a kan farashina, 39,000 ta koma 46,800. Amma kashi 20 ɗin daga 46,800 za a cire, wato 9,360, abin da zai rage maka 37,440, ka faɗo ƙasa da uwar kuɗi ba ka sani ba. Daidai shi ne ka raba da 0.8, sai ya ba ka 48,750, wanda idan an cire nasu zai bar maka 39,000 cif. Tunda da dala ake biya, ka fara gama lissafinka da naira sannan ka juya, kuma da canjin da yake shigowa asusunka bayan an cire kuɗin turawa, ba wanda ka ji a labarai ba. Ka kuma tuna kuɗin sai sun yi kwana 14 bayan kammala aiki kafin sabon mai sayarwa ya iya taɓa su, don haka datar wannan watan daga aljihunka za ta fito. Idan kuma kamfani ne a nan gida, ka tambaya tun farko ko suna cire haraji kafin su biya, don ka san adadin da aka yi magana shi ne zai shigo ko kuwa.

To idan mai shagon ya ce gaskiya shi 20,000 yake da ita fa? Wannan zai faru, kuma sau da yawa ba rowa ba ce, iya ƙarfinsa ke nan. Amfanin lissafin da ka yi a nan yake fitowa, don yanzu ka san 20,000 awa 5 take saye. Sai ka ce masa, ranka ya daɗe, a wannan kuɗin zan yi maka kalma 700, ba hira da mai haɗawa, hotuna kai za ka turo, gyara sau ɗaya ƙarami. Ka rage aikin ne, awarka tana nan a 4,000. Abin da ba za ka rage ba shi ne tabbatar da lambobi, gara maƙala ta gajarta da ta yi ƙarya.

Akwai hanyar da ta fi wannan ma, ita ce ka nemi ya ba ka guda huɗu a fanni ɗaya, a ce batir, inbata, farantin sola, da kula da su lokacin hazo da ƙura. Magana da shi sau ɗaya ce, rabin awa. Hira ɗaya za ta wadatar da duka huɗun idan ka shirya tambayoyinka, awa ɗaya da rabi. Bincike awa biyu a ta farko, sauran ukun awa ɗai-ɗai tunda ka riga ka shiga fannin, awa 5 ke nan. Tsari da rubutu da tacewa da kanu da gyara ba sa raguwa, awa 5 ne a kowace, 20 a huɗun. Jimla awa 27, sau 4,000 ya zama 108,000, da 3,000 na zirga-zirga 111,000, wato kowace maƙala ta sauko 27,750. Ka yi masa ragi na sama da 11,000 a kowace ɗaya kuma ko sisi bai fita daga awarka ba. Irin wannan ragin ne yake da tushe, ba wanda ake yi don an ce za a riƙa kawo maka aiki nan gaba ba. Wannan alƙawarin idan da gaske ne, a rubuta guda nawa ne kuma a ba da kafin alƙalami.

Maganar kafin alƙalami, ka karɓi rabi kafin ka fara, musamman ga wanda ba ku taɓa aiki tare ba, kuma ka tura masa saƙo ɗaya da ya ƙunshi abin da kuka yi yarjejeniya: batun, yawan kalma, ranar miƙawa, kuɗi, da cewa gyara sau ɗaya ne a cikin kuɗin. Gyara shi ne ƙofar da awoyi suke sulalewa. Ka ware awa ɗaya, sai mai aiki ya nuna wa abokin kasuwancinsa, shi kuma ya ce a ƙara maganar janareta, sai matarsa ta ce ya yi tsawo, sai a ce ai da an yi shi da Turanci ma. Kafin ka farga awa 9 ta zama 13, awarka ta faɗo daga 4,000 zuwa ƙasa da 2,800. Ka bambance masa cikin ladabi, gyara shi ne a daidaita abin da aka yi magana a kai, sabon sashe ƙarin aiki ne, juya maƙalar zuwa wani harshe kuma aiki ne na biyu mai kuɗinsa daban. Yawancin mutane idan an faɗa musu tun farko ba sa musu, rigima tana tasowa ne idan sai a tsakiya ka tayar da maganar.

Lissafin nan kuma ba a yinsa sau ɗaya a rufe littafi. Wanda ya yanka farashinsa a farkon 2023 ya ga yadda cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar ya ninka masa kuɗin janareta da na mota, a Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa 60,000 ɗin can da 250,000 ɗin gida, ke nan ya taɓa kuɗin awa. Ka riƙa komawa kan lissafin duk wata shida, ko duk lokacin da wani babban abu ya tashi. Tsofaffin kwastomomi ka ba su sanarwar wata ɗaya kafin sabon farashi ya fara, sababbi kuwa da sabon za ka tarbe su.

Akwai alamun da za su nuna maka farashinka ya yi ƙasa tun kafin ka ɗauki biro. Idan duk wanda ka faɗa wa kuɗi yana cewa ya yi nan take ba ya ko tayawa, ka yi araha. Idan aiki ya yi maka yawa har kana ƙin amsa waya amma ƙarshen wata sai ka ranci kuɗin data, ka yi araha. Idan ka fara jin haushin kwastoma don ya dawo da gyara na gaskiya, galibi ba shi ne matsalar ba, kuɗin ne ba su kai awar gyaran ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan mutum goma sun tambaya duka sun tafi, kar ka yi saurin karya farashi, ka fara duba su waye kake nema. Mai ƙaramin shago da yake sayar da batir biyu a wata ba zai iya biyan 45,000 ba ko da yana so, amma dilan da yake sauke kwantena, wanda batir ɗaya na litiyam idan ya sayar ta dalilin maƙalarka ya mayar da kuɗinta, shi lissafinsa daban ne, kuma wajensa ya kamata samfurin aikinka ya fara zuwa.